Nasihar Minti Ɗaya a kan Haƙuri

Tun daga lokacin da gidan rediyon Kaduna ya soma watsa shirye-shirye a shekarar 1962, har zuwa wannan zamani da kowane birni yake da tashoshinsa, kowane aljihu kuma da wayarsa, akwai wani ɗan gibi da kan faɗo tsakanin shiri da shiri, wanda bai isa a yi wa'azi a cikinsa ba, ya kuma fi ƙarfin a bar shi shiru. A irin wannan gibi ne nasihar minti ɗaya takan sami mazauni. Siffarta sananniya ce: a ba da labarin mutum guda da masifa ta auka masa, a nuna yadda ya daure, a rufe da aya ko karin magana. Wanda ya taɓa ɗora agogo a gabansa ya karanta Hausa da natsuwa, ya san cewa sakan 60 ba su ɗaukar abin da ya haura kalma 150, sai fa in za a yi karatun mai tsoron jirgi ya tashi ya bar shi. In aka cire sallama da rufewa, abin da ya rage wa labarin bai wuce jimla takwas ko tara ba.

Wannan ƙunci shi ne asalin babbar illar da nake gani a galibin irin waɗannan rubuce-rubuce. Da yake marubuci yana son mai sauraro ya tashi da gamsuwa kafin talla ta shigo, sai ya gaggauta biyan mai haƙuri ladansa nan take, a hannu, da kuɗi: maraya ya sha wuya a sakan 20 na farko, a sakan na 45 wani attajiri ya tsaya da mota, a na 55 ga shi da gidan bene, sannan a ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. To, wanda ke sauraro daga gadon asibiti, ko matar da ta shekara goma tana jiran haihuwa, me aka gaya musu? An gaya musu, ba da nufi ba, cewa haƙuri adashi ne, wanda ya zuba dole ya kwasa, wanda bai kwasa ba kuwa zubinsa ne bai cika ba. Wannan fassara tana ƙara wa mai ciwo ciwo, kuma malamai ba su karantar da ita ba.

Mai gardama zai ce ai ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, da sauƙi ta ƙare bayan tsanani. Gaskiya ne, amma surar aya 111 ce, an ba rijiya haƙƙinta a ciki, an ba bauta da kurkuku nasu, an nuna mahaifin da kuka ya tafi da ganinsa, har mai karatu ya ɗanɗani tsawon jiran kafin a kai shi ga mulki. Minti ɗaya ba shi da wannan fili, saboda haka in ya kwaikwayi ƙarshen ya bar tsakiyar, ya yar da haƙurin ne ya riƙe sakamakon.

Abin koyi da ya dace da wannan ma'auni yana cikin hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito daga Anas. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wata mata tana kuka a bakin kabari, ya umurce ta da taƙawa da haƙuri. Ita kuwa, da yake ba ta gane shi ba, ta ce ya rabu da ita, don abin da ya same ta bai same shi ba. Da aka sanar da ita ko wane ne, ta tafi ƙofarsa ta ba da uzuri, shi kuma ya faɗa mata cewa haƙuri yana wajen bugun farko ne. Labarin duka ba zai cika minti ɗaya a baki ba, bai kuma ce an mayar mata da wanda ta rasa ba, bai ɓoye cewa ta yi gatsali ba. Wuri guda ya haska, wato sa'ar da masifa ta sauka, da abin da harshe ya yi a sa'ar.

Bari mu gwada da misali irin wanda duk mai zama kusa da kasuwa ya san makamancinsa. Tela ne, saura kwana uku Sallah, shagonsa cike da shaddodi da atamfofin mutane, gobara ta tashi da dare. Sakan 10 na farko su tafi wajen kafa mutumin da lokacin, ba tare da yabonsa da cewa mutumin kirki ne ba, domin aikinsa ne zai shaida. Sakan 15 na biye su kai shi bakin shagon da asuba, ya tarar da kan keken ɗinkinsa ya yi baƙi, almakashi a cikin toka, ya yi istirja'i, ya zauna a ƙasa domin ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Wannan zama a ƙasa wajibi ne a bar shi, don haƙurin da ba a ga zafinsa ba ba ya shiga zuciya, kuma hawaye ba su warware haƙuri. Sannan zuciyar rubutun, sakan 25: littafin awo yana aljihunsa, ya buɗe, ya bi sunaye gida gida yana sanar da masu kaya da bakinsa tun kafin su ji a gari. A gida na huɗu wata dattijuwa, wadda ta tara kuɗin yadin jikokinta da sayar da ƙosai, ta zazzaga masa magana, ya saurara har ta gama, ya ce, "Kina da gaskiya, Inna. Ki ba ni zuwa bayan Sallah." Sakan 10 na ƙarshe su same shi a shagon wani abokin sana'a, a kan keken aro, yana yanka yadin farko na biyan bashi. A nan za a tsaya. Mai sauraro bai san ko telan zai farfaɗo ba, kamar yadda shi telan bai sani ba, amma ya ga mutum ya kame harshensa daga ƙorafi ga Ubangiji, ya kame shi daga ramuwa, ya tashi neman mafita.

Hanyar gane ko rubutu ya tsaya da ƙafarsa mai sauƙi ce: a shafe jimlar ƙarshe ta nasiha, a karanta wa wani, a tambaye shi abin da ya fahimta. In ya ce haƙuri, to jimlar ba ta da aiki, a mayar da sakan ɗinta ga labarin. In ya yi shiru, labarin ne bai nuna ba, kuma ƙarin aya ba zai gyara shi ba.

Saura wata illa da ta fi ta farko haɗari, ita ce zaɓen labarin da zalunci ne a cikinsa a kira shi ƙaddara. Gobara ba ta da wanda za a kai ƙara. Amma matar da miji ke duka, da leburan da aka hana wa ladan gumi, suna da alƙali da waliyyi da hukuma, kuma shari'a ta halatta wa wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa. Nasihar da ta yaba wa irin wannan mata saboda ta yi shiru, azzalumi ta yi wa hidima, domin shi ma yana sauraron rediyo, gobe kuma da ita zai kafa mata hujja. In dole sai an ba da labarinta a sakan 60, to a nuna haƙurinta a zaryar da take yi zuwa kotu, da jiran ranar da aka ɗaga shari'a, da hana bakinta zagin uban 'ya'yanta a gabansu.