Buhun da Ke Kan Hanya

A Kasuwar Singa ta Kano na tsaya kallon wani akawun sito yana sallamar buhun shinkafa 120 zuwa reshensu na Zariya. Kafin ɗan dako ya ɗaga buhun farko, ya riga ya buɗe littafin webil, wato takardar rakiyar kaya, mai lamba a jere da kwafi uku. Ya rubuta irin shinkafar, nauyin buhu kilo 50, adadi, lambar mota da sunan direba. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, duk buhun da ya wuce ya ja layi ɗaya, na biyar ya gicciye huɗun. Da lodi ya ƙare direba ya sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna a littafi, biyu suka bi mota.

Gwanintar tana cikin abin da ya yi bayan nan. A sitonsa akwai buhu 500, a Zariya 40, jimilla 540. Ya cire 120 daga lissafin Kano, amma bai zuba su a na Zariya ba. Ya shigar da su wani shafi na daban mai suna "kaya a hanya", wanda yake ɗauka tamkar sito na uku. Kano 380, hanya 120, Zariya 40. Jimillar ba ta motsa ba.

Dubi abin da ke faruwa inda ba a damu da wannan shafi ba. Aka buga waya aka ce kaya sun taso, na Zariya ya rubuta tun bai gan su ba, na Kano kuma ya ce sai gobe zai cire. A daren nan littattafai za su nuna 660, maigida ya sayar da buhunan da babu su. In kuwa Kano ta cire, Zariya ta manta, sai a ga 420, kuma a irin wannan giɓin kaya ke salwanta ba mai tambaya.

Da motar ta isa, akawun Zariya ya ƙirga da kansa, bai kwafi adadin webil ba. Ya samu 118 lafiyayyu, ɗaya ya yage, ɗaya babu. Haka ya rubuta a kwafin biyu a gaban direba, suka sa hannu, ya riƙe ɗaya, ya mayar da ɗaya Kano. Yagaggen ya shiga layin lalatattun kaya. Wanda ya ɓata kuwa ya ci gaba da zama a shafin hanya, da lambar webil ɗinsa, har sai an gano shi ko maigida ya amince a rubuta shi asara: 380 da 159 da 1, har yanzu 540.

Mai rassa, duk ƙarshen mako ka buɗe shafin nan. Tafiyar Kano zuwa Zariya ba ta cin yini, don haka duk webil ɗin da ya kwana uku ba a rufe shi ba, ka kira akawun biyu a ranar.