Telolin Kantin Kwari da Lissafin Buɗe Shago

Duk mai son buɗe shagon ɗinki kusa da Kantin Kwari a Kano, ya je ya ga yadda tsofaffin telolin wurin ke tsara aikinsu, domin sun cancanci jinjina. Kafin su kama haya sukan fara tantance wa za su ɗinka wa. Maza masu shadda da yadi ne, ko mata masu atamfa da leshi? Amsar ce ke zaɓa musu kayan aiki.

Mai ɗinkin maza yana bukatar keken lantarki, da keken saƙar bakin yadi, da teburin yanka, da dutsen guga na gawayi. Keken ƙafa kuwa ba ya barin shagon, saboda ranar da aka ɗauke wuta. Injin aikin wuya yana da tsada, shi ya sa gogaggu ke kai aikin waje su biya, har jari ya yi ƙarfi.

Hikimarsu ta fi fitowa a watan azumi. Telan kirki ya san kaftani nawa shagonsa ke gamawa a rana. Idan huɗu ne, ya ninka da kwanakin da suka rage, ya karɓi kafin alƙalami, ya rubuta awo da ranar karɓa a littafi. Da adadin ya cika sai ya rufe karɓar ɗinkin Sallah, ko da amini ne ya kawo.