Fassara Fase Kwamfoze da Amfarfe Zuwa Hausa: Matsayin Sigar “Suka”

Wasu malaman Faransanci suna riya cewa Hausa ba ta iya ɗaukar bambancin da ke tsakanin fase kwamfoze, wato sigar aikin da ya auku ya kammala, kamar *il a mangé*, da amfarfe, wato sigar aikin da ke gudana ko halin da ake ciki a wani lokaci da ya wuce, kamar *il mangeait*, wai don aikatau na Hausa ba ya canza siffa ya nuna jiya ko yau. Wannan ra’ayi ba shi da tushe. Nazarin Bernard Caron kan Hausar Adar a 1991, da na Paul Newman a 2000, sun nuna cewa lamirin da ke gabatar aikatau yanayin aiki yake bayyanawa, ko ya kammala ko yana ci, kuma a kan wannan ma’aunin ne sigogin Faransancin biyu suka rabu, domin dukkansu sun shafi abin da ya wuce.

Matsalar tana tasowa ne daga jadawalin da ake bai wa ɗalibi, wanda ke cewa fase kwamfoze shi ne “sun zo”, amfarfe kuma “suna zuwa”. A duba wannan misali: *Les femmes pilaient le mil quand les invités sont arrivés, ils ont salué, ils se sont assis.* Mai bin jadawali zai rubuta: “Mata suna dakan gero, baƙi sun iso, sun yi sallama, sun zauna.” Nahawun jimlar bai karye ba, amma Bahaushe zai ji ta tamkar rahoton abin da ke faruwa yanzu a tsakar gida, domin “suna” ba ta ɗauke da lokaci a kanta, “sun iso” kuwa tana nuna cewa baƙin suna nan zaune. Fassarar da ta dace ita ce: “Mata suna cikin dakan gero sai baƙi suka iso, suka yi sallama, suka zauna.” A nan shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato “suka”, shi ya jera aukuwar ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ja dakan geron zuwa baya ba tare da an ce “jiya” ba, kalmar “sai” kuma ta nuna inda sabon aiki ya katse wanda ke gudana. Ashe fase kwamfoze gida biyu yake da shi a Hausa: “sun” idan ana sanar da abin da sakamakonsa ke nan, “suka” idan ana ba da labari.

Amfarfe ma ba a “suna” kaɗai yake sauka ba. Idan al’ada yake nufi, lokaci sabau ne mazauninsa, shi ya sa *il allait à Maradi chaque semaine* take zama “a da yakan je Maraɗi kowane mako”, inda “a da” take hana a ɗauka har yanzu yana zuwa. Idan kuwa aikatau na hali ne, Hausa sigar kammalawa take zaɓa, domin *il savait* “ya sani” ce, *il était fatigué* kuma “ya gaji”. Saboda haka *il a su* ba za ta zama “ya sani” ba, dole a canza aikatau a ce “ya gano” ko “ya sami labari”, tun da shigar sanin take nunawa.

Daidaitacciyar Hausa tana ɓoye wani sashe na wannan tsari, domin a rubuce “ya zo” ta sanarwa, mai dogon wasali, da “ya zo” ta labari, mai gajere, siffarsu ɗaya. Mai fassara zai iya gane wadda ya yi amfani da ita idan ya mayar da mai aikin jam’i, ya ga ko “sun” ce za ta fito ko “suka”. Hausar yamma, wadda ake ji a Sakkwato da Zamfara, ta bayyana abin a fili, domin mai ba da labari yakan ce “yaz zo”, “tat tahi”, “sunka iso”, “anka yi”. Ɗalibin da ya tashi a Kekun Waje ko Bunguɗu ko Tsafe yana jin wannan bambanci tun daga tatsuniyar dare, kuma malamin da ke gyara masa karin harshe kafin ya koya masa Faransanci yana raba shi da makamin da ya fi buƙata. Abin da ya dace shi ne a fara darasin da labarin da ɗalibi zai bayar da bakinsa, a ware inda ya ce “sunka” da inda ya ce “suna” ko “sukan”, sannan a ɗora sigogin Faransanci a kan abin da ya ware.