Zuwa ga Uwargida

Hajiya, kunya ta hana ni faɗa miki wannan shekara hamsin da ɗoriya, yau tsufa ya ba ni izini. Na gode.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin 1973, lokacin da gero ya ƙone a gona tun bai fid da kai ba. Da 'yan kuɗin adashinki kika sayi tiya biyu kika fara fura. Kafin kiran assalatu kin surfa, kin wanke, kin baza ya sha iska. Sai ki daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, ki cura, ki jefa a tafasasshen ruwa. Wuyar aikin tana wajen kirɓi: in dawo ya huce kafin ya shiga turmi, sai ya yi gudaji ya ƙi damuwa a nono. Shi ya sa kike kirɓa shi da zafinsa, har tafin hannunki ya yi kanta.

Da ribar nan muka kai kaka, kuma ko surukata ba ta ji daga bakinki cewa rumbuna ya ƙare ba. Allah ya saka miki da Aljanna, Hajiya.