Ba Kowane Hoto Ake Wa Kwalliya Ba

Kalmar "hoto" ke ruɗinmu. Na sallah ado ne, amma na asibiti da na tauraron ɗan'adam awo ne. A hoton Sentinel-2 na Dallol Mawri, tsakanin Dogondutsi da Tibiri, kowane ɗigo fili ne mai mita 10 tsawo da faɗi, lambarsa kuwa hasken da ƙasa ta maido. Ƙara kaifi lambobin yake taɓawa: inda gona mai 40 ta haɗu da rairayi mai 60, sai su koma 30 da 70. Layin ƙarya ya fito, wani ya ce burtali ne. To, ga rigima! Haka a hoton karaya, baƙin layi gefen ƙarfen ɗori kan sa likita zaton ƙarfen ya saki. Alamar ɓarnar: zobe mai bin kowace iyaka.