Spelunky: Kogon da Ake Zana Hanyarsa Kafin a Gina Bangonsa

Na daɗe ina buga Spelunky, kuma na mutu a cikinsa sau ba adadi, amma ban taɓa tsayawa a gaban bango ina cewa wasan ya rufe ni ba mafita ba. Wannan ne abin da ya fi burge ni a aikin Derek Yu, wanda ya fitar da wasan kyauta a 2008, ya sake gina shi don Xbox 360 a 2012. Duk sanda ka mutu, kwamfuta za ta haƙa maka sabon kogo, kuma kowane kogo yana da hanyar da za ka bi daga ƙofar shiga zuwa ƙofar fita ba tare da ka kashe bam ko igiya ko ɗaya ba.

Masu irin wannan wasa da yawa sukan watsa ɗakuna barkatai, sannan su sa kwamfuta ta bincika ko akwai hanya, in babu a zubar a sake. Yu ya ɓullo wa abin ta wata fuska. A matakan farko, kogon ɗakuna 16 ne, huɗu a kwance huɗu a tsaye. Kafin a ajiye dutse ko ɗaya, sai a zaɓi ɗaki a layin sama a sa ƙofar shiga, daga nan a riƙa jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 5. Idan 1 ko 2 ta fito, hanya ta yi hagu. 3 ko 4, dama. 5 kuwa, ƙasa. Idan ta ci karo da gefen kogo, dole ta sauka.

A ce an fara a ɗaki na biyu. Ƙuri'a ta ba da 4, an matsa na uku. Ta ba da 3, an shiga na huɗu. Ta sake cewa dama, amma babu gaba, sai hanya ta faɗa layi na biyu ta juya hagu. Haka za ta yi ta gangarowa har layin ƙasa, inda duk yunƙurin sauka yake nufin a kafa ƙofar fita a nan. Sai bayan an gama wannan ake raba wa ɗakuna siffa. Wanda hanya ta ratsa a kwance yana buɗe hagu da dama, wanda aka sauka daga cikinsa yana da rami a ƙasa, wanda aka faɗo cikinsa yana buɗe ta sama. Kowane iri yana da zane-zanen da Yu ya yi da hannunsa, faɗin tubali 10, tsayi 8, tare da guraben da ƙuri'a za ta cika da ƙaya ko tudu. Ƙofofin gefe kam ba a taɓa su, shi ya sa ɗakunan suke haɗuwa ko yaya aka jera su.

Ɗakunan da hanya ba ta bi ba, ba a yi musu alkawarin komai. Wani a toshe yake ruf, kana hango zinariya a ciki. A nan nake ganin gwanintar ta fi fitowa, domin bama-bamai huɗu da igiyoyi huɗu da ka shigo da su sun zama kuɗin kwaɗayinka. In ka ga dama ka kashe, in ka haƙura ka wuce.

Ita ƙuri'ar tana fitowa ne daga lamba guda da ake kira iri. Ka ba kwamfuta iri ɗaya, ta haifo kogo ɗaya. Da wannan aka yi Daily Challenge a 2013: kowa a duniya kogo ɗaya yake shiga a ranar, kuma sau ɗaya tak. Babu irin da zai ba da kogo marar mafita, tun da tabbacin yana cikin tsarin ginin kansa.

Ƙorafina shi ne alkawarin bai wuce bango ba. Tarkuna da dabbobi daga baya ake zuba su. Na taɓa tsayawa a bakin ramin da dole in sauka, tarkon kibiya na kallon wurin daga gefe, hannuna babu dutse babu tulun da zan jefa ya tashi. Kibiyar tana cin biyu daga cikin zukata huɗu. Akwai dabara, ka saki igiya ta tayar da tarkon, amma ka ga an kashe igiyar da aka ce ba a buƙata. Idan matakin duhu ne kuma, abin ya ƙara muni. Haka nan bayan 'yan makonni ido yakan fara gane zanen ɗakuna, ka san inda ramin yake tun kafin ka ƙarasa.

Wannan sabon bai rage mini daɗin wasan ba. Sanin ɗakin ne yake ba ni damar yanke shawara da sauri: in fasa bangon can don zinariya, ko in gangara, tun da bayan minti biyu da rabi fatalwa za ta shigo, kuma taɓawa ɗaya take yi ta kashe.