Ƙidamu Ba Tsufa Ba Ne

Masu karantar da Tauhidi a zaurukanmu na Sabo suna da wata al'ada da ya kamata a sake dubawa. In an zo sifofi 20 da suka wajaba ga Allah, kamar yadda Imam Sanusi ya tsara a Ummul Barahin, sai malam ya ja Larabci ya bi shi da Hausar da ya hardace: wujudu samuwa, ƙidamu daɗewa, baƙa'u wanzuwa. Kowa ya gyaɗa kai, a shafa Fatiha. To amma me ɗan dako da mai yankan farce suka tafi da shi gida?

Mu ɗauki ƙidamu. A Larabcin yau da kullum ƙadimu shi ne daɗaɗɗe, don haka mai cewa daɗewa bai yi wa kalmar ƙarya ba. Sai dai a kunnen Bahaushe abin da ya daɗe yana da ranar da ya fara, nisa kawai ta yi. Gidan kakanninmu ya daɗe, amma ai gina shi aka yi. Ka ga an koyar da kishiyar abin da ake nufi ke nan. Malaman Tauhidi sun sa ƙidamu cikin sifofi biyar na korewa, wato aikinta ta kore abin da bai dace da Allah ba, kuma abin da take korewa shi ne farko. Hausarta ke nan: Allah ba Shi da farko, babu lokacin da babu Shi. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba za ta gane wannan.

Haka ƙiyamuhu binafsihi, da ake ce wa tsayuwa da kansa. A kasuwa, wanda ya tsaya da kansa shi ne yaron da maigida ya sallama ya buɗe nasa shago, alhali da jarin maigidan ya tashi. Kalmar abu biyu take korewa: buƙatar wanda zai samar da Shi, da buƙatar wani abu da zai kasance a jikinsa. Jan goro ba ya samuwa sai a jikin goro, shi kuma goron sai da aka halicce shi. Allah Ya tsarkaka daga duka biyun. A lura, misalin goro yana nuna abin da Allah ba Shi ba ne, kada a juya shi ya zama kamantawa.

Wasu dattawa kan ce haka muka gada, kada a taɓa. Larabcin kam a bar shi yadda yake, yara su hardace. Hausar ce muke magana a kai, don ita saboda mai sauraro aka kawo ta. Kafin a tashi karatu, malam ya sa mutum ɗaya daga sahun baya ya maimaita ma'anar da bakinsa. In ya ce Allah Ya fi kowa shekaru, sai a koma kan ƙidamu kafin a wuce zuwa baƙa'u.